Yawan Zafi da Matakinsa

Ban fi wata biyu da dawowa daga wankan gida a Gubuchi ba lokacin da littafin ya shigo gidanmu na Maƙarfi. 'Yancin kai bai daɗe ba, kowa na cewa yanzu komai da kanmu za mu yi. Maigidana malamin Arabiyya ne a makarantar garin. Wani tsohon malaminsa da ya je Masar ne ya aiko masa littafin, mai koren bango, na 'yan makarantar can, a kan abin da suke kira fiziya. Malam, wato maigidan nawa, ya ce ilimin yadda abubuwa suke aiki ne: wuta, ruwa, haske, nauyi. Ya nemi izinin hedimasta ya mayar da babin zafi zuwa Hausa domin manyan 'yan aji. Hedimasta ya yarda, har ya ce idan ya kammala za a kai Zariya a buga a inji, a raba wa makarantun Maƙarfi da Ikara da Kudan.

Ni kuwa karatuna bai wuce allo ba. Izu uku na yi aka cire ni. Abin da ke gabana a lokacin jaririyata ce. In ta yi atishawa gabana ya faɗi, in ta daɗe tana barci na je na kara kunnena a hancinta. Sau goma a yini nake taɓa goshinta da bayan hannu.

Malam yana da wata dabara da yake alfahari da ita. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya karanta mini abin da ya fassara, ina tankaɗe ko ina tsince shinkafa. Ya ce idan ni da ban yi boko ba na gane kalma, to yara za su gane. In ya kai ƙarshen jimla sai ya ɗago kai.

"Kin gane?"

"Na gane, Malam."

Kullum haka nake amsawa. Ba ƙarya na nufa ba. A gidanmu ban taɓa jin Inna ta ce wa Baba maganarsa ba ta fito ba. Kuma mutum ya yini yana fama da Larabci, idonsa ya yi ja, in buɗe baki in ce ban gane ba? Sai in ga kamar na raina wahalarsa ne. Shi kuma da ya ji amsata sai ya sa ɗan alama da jan fensir a gefen kalmar, ya wuce.

Wasu kalmomin da gaske na gane su. Da ya ce galayan ta Larabci tafasa ce, babu musu. Da ya zo kan zi'baƙ, farin ruwan ƙarfen nan da ke cikin kwalbar awo, ya yi murna ƙwarai, domin ashe muna da ita tun kaka da kakanni, zaiba. Ita kwalbar ya sa mata ma'aunin zafi, na kuma san ta, don ma'aikacin asibitin garinmu ya taɓa maƙala wa yarinyar ita a hammata. Amma da ya ce ƙarfe yana kumbura idan ya sha wuta, ƙafar Gwaggo na hango lokacin da ƙaya ta soke ta. Na ce na gane.

Yana da aboki, malami a Ikara, wanda yakan zo a kan keke ranar Alhamis. A zaure suke zama, amma katangar ba ta hana ni ji. Shi ra'ayinsa a bar kalmomin da Larabcinsu.

"Sabulu Larabci ne, alƙalami Larabci ne, wa ya mutu?" in ji shi. "Ka rubuta harara a maimakon zafi, yara su haddace. Kai ne za ka haifa wa Hausa 'ya'ya da tsufanta?"

"Su haddace su yi me da ita? Ni so nake yaro ya koma gida ya ga abin a murhun uwarsa."

"To ai shi ke nan, a kai jarrabawar madafa."

"An kai. Duk kalmar da ka ga jan fensir, ta bi ta wurin maiɗakina."

Abokin ya ɗaga murya yadda zan ji: "Uwargida, ashe ke ce babbar sufeto! A yi mana sassauci."

Na yi dariya a bayan katanga. Amma ranar na san nauyin amsar da nake bayarwa.

Sun fi daɗewa a kan darajatul harara, wato abin da ma'aunin yake nunawa idan zaibar ta hau. Abokin ya ce a sa darajar zafi. Malam ya ƙi, ya ce yara za su ɗauka girma ake ba wa zafin. Ya rubuta yawan zafi. Can gaba littafin ya kawo wata, kammiyyatul harara, ya rasa yadda zai yi, ya sa mata adadin zafi. Shi ma bai taɓa karanta ilimin nan a gaban malami ba, daga littafin yake koyo yana fassarawa.

Ana jibi zai shiga motar kasuwa ya kai takardun Zariya, ya zauna zai karanta mini shafukan ƙarshe. Ya riga ya gaya mini cewa in an buga an raba, babu gyara, kuma sunansa ne a kai. Ina durƙushe ina shirin yi wa yarinyar wankan yamma, tukunya na tafasa a murhu, ƙwaryar ruwan sanyi na gabana.

Ya karanta: "Idan babbar tukunya da ƙarama suna tafasa a wuri ɗaya, yawan zafinsu ɗaya ne, amma adadin zafinsu ya bambanta." Ya ɗago. "Kin gane?"

Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Amma wannan jimlar ba duhu kawai ta yi mini ba, rabinta na farko na san ba haka yake ba. Kwana arba'in na yi ina kallon Inna tana hura wa ƙatuwar tukunyar jego itace tun asuba, alhali ɗan kaskon kunun kanwa da kara biyu yake tafasa. Kuma tukunyar jegon har hantsi ba ta hucewa. Yaya za a ce yawan zafinsu ɗaya? Na tuna yaran Kudan da na Ikara, 'ya'yan masu dafa mazarƙwaila, waɗanda suka san kasko tun suna rarrafe. Za su karanta su yi wa Malam dariya, ko su haddace su yi shiru kamar ni.

"Malam," na ce, idona a kan ƙwarya, "ban gane ba."

Ya yi murmushi ya sake karantawa a hankali.

"Ba saurin ba ne. Yawa da adadi ai duk ɗaya ne a kunnena. Kuma babbar tukunya ta fi yawan zafi, ko Inna ka tambaya."

"Littafin ya ce ma'auni wuri ɗaya yake tsayawa a duka biyun."

"To ba yawa yake aunawa ba."

Na tsorata da maganata, sai na rasa abin yi da hannuna, na ɗauki ludayi. Na ɗebo tafasasshen ruwa ludayi ɗaya na zuba a ƙwarya. Na ce ya taɓa. Ya tsoma yatsa, ya ce da sanyinsa. Na ƙara ludayi biyar, ya sake taɓawa, ya yi ɗumi daidai wankan jariri.

"Na cikin ludayin da na cikin tukunyar, duk wanda ya zubo maka ƙuna ɗaya ce," na ce. "Amma ludayi ɗaya ba ya sirka ƙwarya. Zafinsa ya kai, yawa ne ba shi da shi."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya jawo littafin ya koma baya shafi uku, leɓensa na motsi. Yarinyar ta fara ƙananan kuka, na ɗauke ta na sa a ruwa, don in sami inda zan ɓoye fuskata.

"Sake faɗa. Zafinsa ya yi me?"

"Ya kai."

"Ya kai," ya maimaita. "Inda ya kai daban, yawansa daban. Ashe sunan wannan na ba wa waccan." Ya gwada ƙarfin zafi, ya tuna ya riga ya ajiye ƙarfi don ƙuwwa ta Larabci, wadda ke turi da ja, a wani babin da yake fatan yi. Ya gwada tsananin zafi, na ce to ruwan randa fa, shi ma ai ana auna shi, kuma ba shi da tsanani. Ya duba hoton ma'aunin, da 'yan layukansa jere kamar tsani. Ya rubuta matakin zafi. Yawan zafi kuma ya mayar da ita kan kammiyya, ya soke adadi gaba ɗaya.

Ina tsane yarinyar da zane sai ya yi tambayar da nake gudu.

"Sauran fa? Masu jan fensir?"

Na ci gaba da tsane yarinyar. Akuyar maƙwabta na ta kuka a bayan danga.

"Nawa ne ba ki gane ba?"

"Ban ƙirga ba, Malam. Da dama."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kunya. Kuma na ga ka gaji."

Na ɗauka zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya shafa gemunsa, ya ce wata biyu yana auna hatsi da mudu marar gindi. Ya tashi ya yi alwalar magariba. A wurin cin tuwo ko loma uku ban yi ba.

Bai shiga motar ba. Ya je ya gaya wa hedimasta yana neman ƙarin sati uku. Hedimasta bai ji daɗi ba, domin ya riga ya yi alkawari a Zariya, ya ce wannan ne jinkiri na ƙarshe. Abokin na Ikara da ya zo ya ji labari, ya yi dariya har da tari.

"Uwargida, kin kayar da mu ke nan?"

"Ni ban san komai ba, Malam," na amsa daga ciki.

"Ai da haka kika fara!"

Muka koma shafin farko. Ya daina tambayata ko na gane. In ya karanta jimla sai ya rufe takardar ya ce in nuna masa abin a gidan nan, ko in faɗa da bakina yadda zan gaya wa Inna. Kumbura ta faɗi a rana ta biyu, ya sa buɗewa, bayan na tuna masa yadda maƙeri ke gasa zoben ƙarfe kafin ya zura shi a ƙota. Wata kalma a kan yadda zafi ke ratsa sarari ba tare da ya bi ta jikin komai ba ta gagare mu. Ya bar ta da Larabcinta, ishi'a, ya yi bayani a ƙasa da misalin jin ɗumin wuta daga nesa. Abokin ya ce ko ba komai ya ci ɗaya.

A sati na uku ya ɗaure takardun da zare, ya nannaɗe su a cikin tsohon rawani saboda yayyafi, ya fita tashar mota da hantsi. Na raka shi har ƙofar zaure da goyo a bayana, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Sai na dawo na taɓa goshin yarinyar, na ɗora ruwa a wuta.