Layi Uku Sun Isa

Sanda nake sakatare a wani kamfanin sarrafa hatsi a Ƙaura Namoda, na saita kwamfuta ta riƙa tura wa manaja taƙaitawar ayyukan da suka rage kowace safiya. Kome na zuba, har batun gyaran fanka. Layi arba'in!

Ranar kasuwar Shinkafi motarmu ba ta tashi ba, don takardar izinin da ke jiran sa-hannunsa tana layi na talatin.

Haushi ya kama ni. "Ranka ya daɗe, ai yana ciki!"

Ya ce, "Malama, a bayan mashin nika karantawa. Gaya min mi ka jirana, wa ka jira nai, yaushe za ya ɓaci."

Washegari layi uku na tura, mafi gaggawa a sama. Kafin in aje jaka ya sa hannu. Fankar kuwa har na bar aikin ba ta juya ba.