Kunya Biyu a Burtali

A wani ƙauye kusa da Ɗanzomo akwai wani dattijon manomi, Malam Sallau, wanda ya tsani jin "daga nan sai kaza". In ka faɗa masa haka, sai ya karkace hula ya ce, "To, wa zai tura ta daga nan zuwa can?"

Shekarar da 'yarsa Hidaya ta samu makaranta a Gumel, yayansa ya zo da kashedi: yau Gumel, gobe Kano, jibi ta raina iyaye, gata ta bar sallah. Sallau ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da ya haɗa su, aka rasa. Tsoro ne kawai aka jera. Yanzu Hidaya ce ke karɓar haihuwar jikokin yayan nasa, kuma Sallau bai taɓa gajiya da tuna masa ba.

Bana kuwa ɗansa Barau ya shiga da garmar shanu ya ƙara kunya biyu cikin burtali, hanyar da shanun Manu ke bi zuwa rijiya. Manu Bafulatani ne, amininsa na shekara arba'in. Sallau bai gani ba sai da gero ya tsiro.

"A cire su," in ji shi. "In aka bar su, burtalin nan zai toshe, mu ɓata da Manu."

Barau ya yi murmushi cikin ladabi. "Baba, kunya biyu ce fa. Wa zai tura ta daga nan zuwa can?"

Maganar ta shige shi, don tasa ce. Bai yi fushi ba, sai ya ja ɗan nasa bakin gona.

"Mai huɗa da me yake saita layinsa?"

"Da kunyar maƙwabci."

"To, dubi gonar maƙwabcinmu Anas."

Anas ya riga ya daidaita tasa da ta Barau.

Sallau ya ci gaba: "Na tsallaken hanya kuma ba zai yarda ya zama wawa ba, zai matso. Shanu ɗari ba sa tsukewa don hanya ta tsuke, gona za su faɗa. Da idona na ga haka a burtalin gabas, har aka zubar da jini. Wannan karon kowane mataki da mai tura shi."

Amma hannun Barau ya ƙi ɗaukar fartanya, don geron ya yi kyau. Shi ma Sallau ya ji zafinsa, bai taɓa kashe shuka ba tun da aka haife shi. Duk da haka ya duƙa da ciwon bayansa ya fara kaftawa. Kafin ya kai rabi, Barau ya karɓe fartanyar ya ƙarasa. Da la'asar aka ga Anas yana baje tasa yana gunaguni.

Can shanu suka taho daga kiwo. Manu ya tsaya ya dubi geron da ke yashe.

"Sallau, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

"Ni," in ji shi. "Wuce da shanunka."