Hodar Morenike da Ta Fi Lissafi

Shekara ashirin ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin kimiyya na wata kwaleji a Ogbomosho, ban ga malalaci irin Baba Ajadi mai kula da ɗakin ba. Kullum ƙarfe biyu yake kashe tandar busar da hoda, ko hodar ta bushe ko ba ta bushe ba, ya tafi cin tuwon amala.

Ranar jarrabawa, lissafi ya nuna hodar da wata ɗaliba mai suna Morenike ta haɗa ba za ta wuce giram biyar ba, sikeli kuwa ya nuna shida. Malamar da ke kula da jarrabawar ta ce mata, “Ɗari da ashirin cikin ɗari? Ƙari kika yi. Kin faɗi!”

Ajadi ya ce, “Yaran yanzu ɓarayi ne, Madam.”

Na duba takardar tacewa da hodar ke kai, na gan ta a jiƙe. Na ce, “Madam, ruwa kika auna. Tambayi wannan tsohon banzan yaushe ya kashe tanda.”

Ajadi ya ce, “Ke mai wanke-wanke, me kika sani?”

“Na san jiƙaƙƙen gari, Baba.”

Aka sake busarwa, hodar ta dawo giram huɗu, tamanin cikin ɗari. Morenike ta ci jarrabawarta. Ajadi ya daina gaishe ni, ban kuma yi kewar gaisuwarsa ba.