Inuwar Gawo

Yayana mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi, amma kan shi ya fi dutsen niƙa tauri. Shekarar farin da aka rufe iyaka, lokacin ina koyarwa a lakol a Agiye, shi yana Gazawa yana saida dusa da angurya ga Fulani. Kayan daga Katsina suke zuwa, da aka rufe hanya sai rumfar ta zama wayam. Sai labari ya zo za a kawo abincin dabbobi mai rahusa, a raba ta hannun 'yan kasuwa, amma sai mai takardar rajistar kasuwanci. Yaya ba ya da ita. In bai samu ba, rumfar ta mutu, shanun abokan cinikinsa su bi ta.

Ya ce tunda abin ya zama na takarda, sai an raɗa wa shagon suna. Na ce madalla, ya faɗa mini sunan in tafi Maradi, gidan shari'a inda ake rajista, a duba ko wani bai riga mu ba.

"Ke Auta, ina kika taɓa jin an faɗi suna kafin ranar suna?"

"Yaya, shago ne fa, ba jinjiri ba!"

"Baki shi ke yanka wuya," in ji shi. Tsoron bakin mutane yake, kada a ji sunan tun ba a yi mishi fatiha ba. Na yi masifa har na gaji, ya yi kamar da bango nake.

Aka tara malamai ranar Juma'a. Rago babu, sai wani ɗan akuya da ƙashi ya fi nama yawa. Aka raba goro, aka shafa fatiha, sannan Yaya ya buɗe baki: Inuwar Gawo. Wallahi sunan ya yi mini daɗi, don duk makiyayi ya san 'ya'yan gawo ke riƙe dabba da rani. Kafin mako ya zagayo ya sa an rubuta shi a allo da fenti, an buga shi a buhunan da ya saida amalankensa ya saya.

Sai bayan haka muka shiga mota zuwa Maradi. Magatakardan ofishin rajista ya karɓi katin shaidar Yaya, ya tambayi irin sana'a da inda shagon yake, sannan ya bi rajistarsa da yatsa. Can ya ɗago kai.

"Malam, akwai mai wannan suna a Gidan Rumji, shi ma abincin dabbobi. Sana'a ɗaya, jiha ɗaya, ya riga ka. In na rubuta maka, gobe ya kai ƙara a sa ka sauke allo. Ka canza, ko in yi maka da sunanka na yanka yanzu-yanzu."

Na taka ƙafar Yaya don ya amsa. Ina! Ya ce sunan da malamai suka yi wa fatiha ba a sake shi kamar riga. Zai je ya roƙi mutumin ya bar mishi, ai Musulmi ne. Magatakarda ya ce in mutumin ya yarda, sai ya zo da kansa ya sa hannu a soke sunan.

Na koma aji, shi ya nufi Gidan Rumji. Shagon ya tarar da shi a garƙame, ƙofa duk gara ta ci. Maƙwabta suka ce yunwa ta kori mai shi da iyalinsa tun bara, ya yi kudu, wasu sun ce Gusau, wasu Zariya. Yaya ya zauna yana cigiya tasha-tasha, yana aika saƙo ta bakin direbobi, kwanaki suna tafiya.

Da ya dawo ya sauko, muka koma Maradi aka yi rajistar da sunansa na yanka, aikin da bai kai shan shayi ba. Amma an riga an gama zaɓen 'yan kasuwa. Anguryar ta tafi hannun wani da bai san Bafillace ko ɗaya ba, ya riƙa saida ta ga mai kuɗi hannu.

Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Akwai wani dattijo Bafillace daga wajen Gangara, amininsa tun suna samari, wanda Yaya ya ce wa ya yi haƙuri kada ya tashi, angurya na nan tafe. Ya yarda, ya zauna, 'yan'uwansa suka yi kudu suka bar shi. Ina rumfar ranar da ya zo da sandarsa a kafaɗa, ba saniya ko ɗaya a bayansa. Ya gaida mu, ya tambayi gida da yara, ya nemi ruwa ya sha.

"Aboki," ya ce wa Yaya, "in anguryar ta iso, ka bai wa wani rabona."