Lambar Shekara a Kan Irin Gero

Shekara shida makullin rumbun iri na ƙungiyarmu ta mata a Ollelewa yana ɗaure a bakin zanena. An ba ni shi ne don na yi yaƙi da jahilci, ina iya rubuta shekarar girbi a jikin buhu. Duk rani nakan ƙirga ƙwaya ɗari, in shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu, in rufe, bayan ƴan kwanaki in ƙirga waɗanda suka tsiro. Abin da na gani shi nake faɗa wa mai saye.

Babbar ɗiyata da ke aure a Damagaram ita ta buɗe mana shafi a waya. Abu biyu ta ɗora. Na farko ta sa masa suna "Yadda ake gwada irin gero kafin shuka", babu shekara, don ta ce wannan ba ya tsufa. Na biyu, "Irin gero mai saurin nuna", ta liƙa shekarar girbi, da hoton buhun gwajina ya yi kore shar da tsiro. Ta ce mai neman iri shekara yake fara dubawa. Gaskiyarta. Har daga Belbeji aka yi ta kira.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke gero yana cikin bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Ba mu sami abin ajewa ba, sai ragowar tsohon iri a ƙuryar da rufi ya yi yoyo.

Da bazara ɗiyata ta kira ni.

"Inna, shafin nan ya mutu. Kowa ya ga tsohuwar shekara sai ya wuce."

"To ai tsohon ne, ƴar nan."

"Lamba ɗaya ce fa zan gyara. Idan na ɗora sabo, duk yabon da mutane suka rubuta a ƙasa ba zai biyo shi ba. Haka kowa ke yi."

"Bari in sake gwadawa tukuna."

"Kafin ki gama ƙirgar ƙwayarki an yi shuka an yi noma! Ke Inna, komai sai kin yi masa alwala?"

Na yi dariya, na ce to. Wannan "to" ɗin nake ta juyawa har yau. Ta canza lambar, ta bar hoton, ta bar inda aka rubuta an gwada. Ni kuma ban jiƙa buhu ba, don ina jin tsoron abin da zan gani.

Sai ga wata mata daga Gangara ta zo sayen iri, tare muka koyi baƙi, ta girme ni, mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya. A wayar ƙanen mijinta ta ga shafinmu. Tana sauka daga amalanke tana cewa, "Malama mai makulli, da idona na karanta, ban sa kowa ba!" Tiya uku ta ɗauka. Na juya buhun, tsohuwar shekarar da na rubuta a jikinsa ta fuskanci bango.

Binne ta yi, wato ta zuba irin a busasshiyar ƙasa tana jiran ruwa, kamar yadda muke yi a nan ƙasarmu ta Damargu don kada ruwan fari ya wuce mu. Ruwa ya zo mai kyau. Gonakin maƙwabta suka tashi, tata nan ɗaya can ɗaya. Kafin ta samo wani irin ƙasa ta bushe, ruwa na biyu ya yi jinkiri, kuma daminarmu gajeriya ce.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna a tabarmata, ta ƙi shan ruwan da na kawo.

"Da kin bar tsohuwar shekarar, da na saya duk da haka," in ji ta. "Sai in gwada, in ƙara ƙwaya a rami. Ai a shafin naku na ga yadda ake yi. Lambar ce ta ce mini kada in wahala."

Na ce, "Yaya, ki yafe."

"Na yafe. Me zan ba yara?"

Ran nan na sa ɗiyata ta mayar da tsohuwar shekarar, ta cire hoton, ta rubuta cewa irin bai ci gwaji ba. Tana kuka a waya tana cewa ita ta jawo. Na ce a'a, ita ba ta taɓa ganin ƙuryar rumbun ba. Muka tsayar cewa lamba ba za ta sake motsi ba sai an yi sabon girbi, an yi sabon gwaji da sabon hoto.

Sai dai ba ni zan yi gwajin ba. Matan ƙungiya suka taru ƙarƙashin aduwa, ba wadda ta ɗaga murya, na kwance makullin na aje a faifai.

Wancan abu na farko da ke shafin, marar shekara, har yanzu ana kallonsa. Ɗiyata ta ce baƙi na rubuta godiya a ƙasa. Yayar nan ta Gangara kuwa ta sayar da akuyarta, ta tafi Agadas da yaranta biyu yin wankau, wato wanki a gidajen mutane. An yi ruwa sau biyu bana, an ce gonarta ba a shuka ba.