Takardar kwatar Tajaye

Labo ɗan mahauta ne, amma bai taɓa feɗe ko akuya ba. Yana ƙarami aka zo ɗiban yara lakwal, makarantar boko, ubansa ya ɓoye ƙarfafan ƴaƴansa ya miƙa shi, don shi ne mai ciwo-ciwo. Ya dawo Tajaye da Faransanci, ba aiki. Mahauta suka ba shi rubutun ƙungiyarsu, sai dai in ya iso rumfa hira takan sauya. A buro kuma, ofishin gwamnati can Illela, ɗan mahauci ne, sai ya jira a waje. Matarsa ta rasu ba haihuwa, bai sake aure ba. Mutum guda ke cin tuwo da shi, tsoho Sallau mai yanka, wanda ke tsokanarsa wai alƙalami ma ya fi ƙarfin hannunsa.

A ranin 1988 likitan dabbobi da jami'in tsabta suka duba kwata, wurin yankan kasuwa. Rahotonsu ya iso da kauri, Sarkin Pawa Yari ya dangwala yatsa cewa ya karɓa, ya tura wa Labo. Bai san daga ranar dangwalen wa'adi ke fara gudu ba.

An rubuta rahoton yadda masu dubawa suka zagaya: gini, ruwa, kayan aiki, sannan mutane. Labo ya zauna a zaure ya tsince shi. Ya ware dole daga shawara, rumfar kwano ta faɗa cikin shawara. Kowane dole ya sa masa ranar cikarsa da wanda zai yi, ya jera daga mafi kusa. Nan take, kada a sai da naman da ba hatimi. Wata guda, ramin binne naman da aka hana, da farar ƙasa. Wata uku, daɓen siminti da magudanar jini. Tsakanin na farko da na biyu kuwa wani abu ya hau daga shafin ƙarshe: cikin kwana takwas duk mai taɓa nama ya kawo takardar likita, wanda ba shi da ita ya ajiye wuƙa. In aka dawo aka tarar ba a yi ba, a rufe kwata.

Kowa ya san tarin Sallau. Tun kaka yake yinsa, yana juya baya ya tofa.

Labo ya kai wa Yari takardar da ya jera kafin taron mahauta. Yari ya saurara, ya ce, "Ka hwara da siminti, kamar yadda sunka rubuta. In anka kama zancen siminti, wa za shi tuna likita?"

"Sarki, siminti na da wata ukku. Wagga kwana huɗu ta rage."

"Kai ka sani. Abokinka na."

Ni dai ina jin haushin mutanenmu a nan. A wurinsu, wanda bakinsa ya faɗi magana a taro shi ne mai ita, ko da karantawa ya yi. Ba wanda zai je Illela ya zagi likita. Labo ya san haka sarai, ya kuma san gidajen da ke ci daga kwata. A taron ya karanta yadda ya jera. Da ya zo kan takardar likita, ba wanda ya dubi Sallau, duk Labo aka duba.

Washegari mahauta suka cika mota zuwa Illela wurin likita. Kowa ya dawo da takarda, ban da Sallau. An gwada kakinsa, tarin fuka ne. Aka riƙe shi asibiti ana masa allura, daga baya aka sallamo shi da ƙwayoyi na watanni. Aka haƙa rami, aka yi daɓe, masu dubawa suka dawo suka bar kwata a buɗe. Ba wanda ya ce wa Labo sannu. A gari cewa ake ya kai ƙarar tsoho wurin gwamnati. Yakan aika fura gidan Sallau, ta dawo ba a buɗe ba. Tausayinsa ya kama ni a watannin nan, don har mai shayi ya rage masa hira.

Bayan an yi girbi Sallau ya warke, ya samo takardarsa, har ya yi ƙiba. Ranar kasuwa ya shigo rumfa yana gaisawa da kowa, da dariya da zagin wasa. Labo ya miƙe tun bai iso gare shi ba, ya miƙa hannu biyu.

Sallau ya tsaya, ya ciro takardar daga aljihu, ya sa masa a hannun. Ya kira shi da sunan Faransanci da ake kiran ma'aikatan buro.

"Ga ta, Mushe. A duba."

Labo ya duba. Hatimi daidai, kwanan wata daidai. Ya rubuta sunan Sallau a ƙarƙashin na sauran, ya mayar masa da ita.