Sallah Biyar a Ulaya

Maigidana mutum ne mai lissafi da Sallah. Ka tambaye shi shekarun 'yarmu ta fari, sai ya ce ta ga Babbar Sallah bakwai. Na sha yi masa tsiya a kan haka, ina cewa mutum yana zanen taswirar dogayen benaye a ofishin Turawa amma kansa na tsohuwar ƙauye ne. Shi kuwa dariya kawai yake yi. A Riyad ma babu mai ganin laifinsa, don iƙamarmu, wato takardar izinin zama, da watan Musulunci take ƙarewa, haka kuɗin haya, haka hutun makarantar yara.

Ya fara aiki da wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar waje a unguwar Ulaya ranar da aka dawo hutun Babbar Sallah, ba da jimawa ba bayan yaƙin Kuwait. Mu kuma muka biyo shi daga baya, muka kama ɗakuna biyu a Suwaidi, a saman shagon wani mai gashin burodi. Kamfanin yana da asusun ajiya na ma'aikata. Duk wata a yanki wani abu daga albashinsa a zuba, kamfani ma ya zuba daidai da shi da sunansa. Abin da aka yanka a albashi nasa ne har abada, ko gobe ya tafi za a ba shi da ribarsa. Amma rabon da kamfani ke zubawa ba ya zama naka sai ka cika shekara biyar cur. Wasu wuraren sukan sakar maka kaɗan-kaɗan kowace shekara, mijin maƙwabciyata a banki haka nasu yake. Nasu maigidana kuwa ko duka ko babu.

Duk wata shida yakan kawo takardar asusun, mu duba layi biyun nan, namu da na kamfani, mu haɗa su wuri ɗaya. Ban taɓa kallon na biyun a matsayin kuɗin wani ba. Ni har na san abin da za a yi da shi.

Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune a wani gidan haya a cikin birnin Kano tun tana amarya. A shekara ta biyar ɗin nan mai gidan hayar ya rasu, magada suka ce sayarwa za su yi a raba. Saboda mutuncin zama suka ce ɗanta ya fara tayawa, sun ba shi zuwa bayan Sallah da wata guda, in bai kawo ba akwai wani a bayansa riƙe da kuɗi. Maigidana ya haɗa layi biyun nan ya ga sun isa. Amma ba a taɓa asusun sai in mutum zai bar aiki. Ana cikin haka wani kamfanin gine-gine na 'yan ƙasa ya neme shi da albashi mai tsoka. Sai muka ga kamar Allah ne ya haɗa mana komai lokaci guda: Sallah ta biyar ta zo, ya ajiye aiki, ya karɓi kuɗi, a sayi gidan Inna, ya koma sabon wuri. Ya miƙa takardar barin aiki da wa'adin wata ɗaya, har ya ƙara mako guda bayan hutun Sallah, wai don kada a ce ya yi gaggawa. Ya kuma buga wa Inna waya ya ce ta kwantar da hankalinta, gida ya zama nata.

Ranar da aka dawo hutu ya shigo gida kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Bai cire takalmi ba ya zauna a kujera. Na ɗauka mutuwa aka yi a gida.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa," ya ce. "Akawun kuɗi ne ya kira ni. Wai ban cika shekara biyar ba."

"Kamar yaya ba ka cika ba? Ba ga Sallah ta biyar mun ci nama ba?"

"Su ba da Sallah suke ƙirga ba. Miladi suke bi, kalandar bature. Haka ƙa'idar asusun take tun farko."

Sai ya yi mini bayanin abin da ni ma na sani tun ina 'yar firamare, amma ban taɓa kawo shi nan ba. Kowace shekara Sallah takan ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. A shekara biyar ta ja kusan wata biyu. Lokacin da ya fara aikin, zafi ake yi wanda ko ƙarfen ƙofar mota ba ka iya taɓawa. Wannan Sallar kuwa ko na'urar sanyi ba mu kunna sosai ba. Abin yana gabanmu, a jikinmu ma, ba mu gani ba. Ranar da zai bar aiki, saura fiye da wata guda da rabi ya cika.

"To rabon kamfanin fa?" na tambaya.

"Ya koma musu. Namu kawai za su ba ni, da ribarsa."

Na zauna a ƙasa. Rabin kuɗin gidan ke nan. Daga nan sai zuciya ta taso mini, don ni tsorona da faɗa yake fita. Na ce wane irin zalunci ne wannan, mutum ya yi shekaru yana sunkuye a tebur har idonsa ya fara buƙatar tabarau, a ce saboda 'yan makonni a haɗiye masa haƙƙi? Ya ce ba haƙƙinsa ba ne tukuna, alkawari ne mai sharaɗi, shi ne bai cika sharaɗin ba. Na ce ya ajiye mini wannan adalcin nasa, gobe ya koma ya roƙe su.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Mace a Riyad ta wancan lokacin ba ta da inda za ta je ta yi magana a kan irin wannan. Sai dai in tura shi da safe, in tsaya a taga ina kallon titi har azahar. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa in ga ko shi ne. Na ƙona shinkafa, na saka wa ƙaramar 'yarmu riga a bai-bai, na daka wa yayarta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ta daina shigowa kicin.

Ya fara zuwa wurin mudir, shugaban ofishinsu, ya roƙi a ɗaga ranar barinsa zuwa cikar shekarun. Mutumin bai yi masa wulaƙanci ba. Ya ce tun da aka karɓi takardarsa aka ɗauko wani daga Manila, yana hanya, kuma babban ofis ba zai biya mutum biyu a kujera ɗaya ba. Maigidana ya ce to a ba shi hutu ba albashi, sunansa dai ya zauna a littafi. Aka ce hutun da ba albashi ba ya shiga lissafin shekarun asusu. Ya ce to in ya tafi ya dawo daga baya fa? Aka ce ƙirga daga farko za ta soma.

Duk da haka mudir ya ce zai aika wa babban ofis, ko za su yarda ya zauna a wani sashen na ɗan lokaci, in sabon wurin sun amince su jira. Da wannan 'yar igiyar muka rataya. Maigidana ya tafi wurin sabon kafili, mai kamfanin da zai ɗauki nauyin zamanmu. Shi kuma ya ba shi shayi, ya saurare shi, ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, aiki ya riga ya fara. Ka zo farkon wata, ko in ɗauki wani. Halas, magana ta ƙare."

A nan ne na gane ramin da muke bakinsa. Ba gidan Inna kaɗai ba. In ya saki sabon wuri yana jiran amsar babban ofis, amsar kuma ta zo a'a, ba mu da kafili ko ɗaya. Sai bizar fita ba dawowa, mu tattara yara mu koma Kano da rabin kuɗi, ba aiki, ba gida. Ni da nake ta ingiza shi ya je ya yi faɗa, sai ga ni ina riƙe masa riga.

"Malam, kada ka saki wancan. Don Allah kada ka saki."

"To Inna fa?" ya ce. "Na ce mata gida ya zama nata."

Na san dai ina tsoron ganin Inna a waje da kayanta, kuma na fi tsoron ganin 'ya'yana a filin jirgi. Ban faɗa masa haka ba, amma ya gani a fuskata.

Babban ofis ba su amsa ba har ranar ƙarshe. Ya sa hannu aka mayar da kafalarmu sabon wuri. Suka ba shi cek na rabonsa da ribarsa, da kuɗin sallama da doka ta tanada, wanda dama daban yake kuma bai taka kara ya karya ba. Ya zaga 'yan'uwa a unguwannin Batha da Al-Oud neman cikon. Wani direba ɗan Maraɗi da suke sallah tare ya ba shi duk abin da ya tara ba tare da ya tambayi yaushe za a biya ba, amma ramin ya fi ƙarfin irinmu. Ya nemi magada su karɓi rabi su jira shekara. Suka ce su fiye da goma ne, kowa yana jiran nasa. Ya mayar wa direban kuɗinsa.

Ranar Alhamis da yamma muka je kabina, shagon da ake buga waya ƙasar waje. Inna ba ta da waya, gidan wani maƙwabci ake kira a aika a taho da ita. Muka tsaya a ɗan akurkin gilashin nan mu biyu, muna jin takunta daga nesa, a hankali, tana gaisawa da mutanen gidan. Maigidana ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ruwa. Sai aka zo kan maganar gida. Ya miƙo mini kan wayar ya juya baya.

Na durƙusa kamar tana ganina. Na faɗa mata komai yadda zan iya, Sallah da kalandar bature da rabon kamfani. Ban san ko ta fahimta ba. Ba ta katse ni ba, ba ta yi salati ba. Har na ɗauka layin ya yanke.

"Inna, kina ji na?"

"Ina ji, 'yar nan," ta ce. "Ki ce masa kada ya sa abin a ransa. Amma ki tambayar mini shi, ɗakin da babansa ya cika a ciki, wanda ya saya zai bar shi, ko rushewa zai yi?"

Maigidana yana tsaye, goshinsa a jikin gilashi. Mu biyun mun sani, magada sun faɗa masa tun makon jiya cewa mai sayen shaguna zai gina.

Na ce, "Ba mu sani ba tukuna, Inna."